Sinkin Kicin Na Jan Ruwa A Hankali Yana Ƙugi: Maiƙo Ne Ko Rashin Iska?

Idan sinkin kicin ya fara jinkirin shanye ruwa, yana kuma yin wani ƙugi "bul-bul" kafin ya kwashe na ƙarshe, abu biyu ne masu gyaran famfo suka fi zargi. Ko dai maiƙo ya taru a cikin bututu ya ƙuntata hanya, ko kuma iska ba ta samun shiga bututun yadda ya kamata. Ƙarar dukansu iri ɗaya ce a kunne, shi ya sa ake yawan kashe kuɗi a kan gyaran da ba shi ne ba. Wani ya yi ta ɗura soda a bututun da ba abin da ya toshe shi, wani kuma a sa shi fasa bango alhali kitse ne kawai ya daskare.

Kafin a iya bambance su sai an leƙa ƙasan sinkin. A nan akwai wata gwiwa mai siffar harafin U, a wasu gidajen kuma mai siffar kwalba. Kullum tana riƙe da ruwa mai zurfin kamar santimita 5, kuma da gangan aka yi ta haka. Wannan ɗan ruwan shi ne ke tare warin sokawe da kyankyasai kada su biyo bututu su shigo kicin. Daga gwiwar, bututu mai faɗin milimita 40 ko 50 ke kwanciya ya ratsa bango, da ɗan gangare na kamar santimita 2 a kowace mita. A aikin da aka yi daidai, ruwa ba ya cika wannan bututun. Yana gudu ne a ƙasa, iska na bi ta samansa.

Me ruwa yake yi da iska? Duba jarkar da aka kifa bakinta ƙasa. Ruwan ba ya zuba sumul, sai ya riƙa fita yana tsayawa yana bul-bul, domin iska na kokawar shiga ta ƙofar da ruwan ke fita. Haka abin yake a bututu. Duk lokacin da ruwa ya cika shi ya gangara, yana barin gurbi a bayansa, kuma dole iska ta cike gurbin. Idan akwai bututun iska, wato wanda ake ɗagawa ta gefen bango har ya wuce rufin gida, daga can za ta shigo salin-alin. Idan babu shi, ko ya toshe, sai ta nemi hanya mafi kusa, ta kutso ta cikin ruwan gwiwa. Ƙarar kutsowar nan ita ce ƙugin da ake ji.

To a nan ne maiƙo ke rikita lissafi. Manja da man shanu da kitsen nama suna shiga sinki a narke tare da ruwan wanke-wanke mai ɗumi. Da sun yi 'yar tafiya a cikin bututu mai sanyi sai su daskare su manne. Manja yana fara kauri tun a zafin ɗaki, kitsen saniya kuwa sai zafi ya haura digiri 40 yake narkewa, shi ya sa matsalar ke tsananta lokacin hunturu. Man gyaɗa ba ya daskarewa haka, amma yana barin danƙo a jikin bututu, wanda ƙwayar shinkafa da guntun tuwo da tokar wankin tukunya ke liƙewa a kai. Wata da watanni sai hanyar da ke da faɗin milimita 40 ta koma wadda ɗan yatsa da kyar zai shiga. Daga nan ko ruwa kaɗan ne sai ya cika ta, ya datse wa iska hanya, sinki ya kama ƙugi ko da bututun iskan gidan lafiyarsa ƙalau.

Saboda haka ƙugi shi kaɗai ba hujja ba ne. Ni dai a kicin maiƙo nake fara zargi, domin shi ne ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma shi ne mai sauƙin tabbatarwa. Halinsa shi ne lallaɓowa. Bara sinkin na shanye ruwa nan take, watannin baya ya fara ɗan jinkiri, yanzu sai an tsaya jira. Jinkirin ne babba, ƙugin na biye da shi. Kuma matsalar tana tsayawa a kicin, banɗaki da wurin wanke hannu ba ruwansu. Idan an zuba ruwan zafi sai a ga sauƙi na kwana biyu, sannan a koma gidan jiya.

Rashin iska halinsa daban ne. Sau da yawa ruwan yana tafiya, wani lokaci ma da gudu, sai a ƙarshe a ji wata doguwar zuƙa. Zuƙar nan ruwan gwiwa take janyewa, shi ya sa bayanta wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai kan cika kicin. Alamar da ta fi kowace ƙarfi kuwa ita ce sinki ya yi ƙugi alhali ba a taɓa shi ba: an ja ruwan masai a sama, ko injin wanki ya zubar da ruwansa, sai kicin ya amsa. Sannan wannan matsala ba ta cika lallaɓowa ba. Ko dai tun da aka tare a gidan ake jin ta, ko ta zo rana ɗaya bayan tsuntsu ya yi sheƙa a bakin bututun iska, ko ganye da ƙura sun cike shi.

Akwai abin da ya kamata a duba tun kafin a ɗauko wani ƙarfe. A gidajenmu da yawa bututun kicin ba ya haɗuwa da na banɗaki. Bango kawai yake ratsawa ya zuba a wani ɗan rami mai raga a waje, ko kai tsaye a kwata. Idan naka haka yake, kuma bakinsa a buɗe yake a sarari, to iska na da ƙofarta, da wuya a ce ita ce matsalar. Sai dai fa idan ramin ya cika da dagwalo har ya nutsar da bakin bututun, wanda kwashewa kawai yake buƙata.

Bari mu bi misali ɗaya daki-daki. A ce gida ne mai bene, kicin a ƙasa, bututunsa na milimita 40 ne, yana tafiyar mita 4 kafin ya faɗa camba a bayan gida. Sinki na jinkiri yana ƙugi. Da farko a bar shi ya huta dare guda domin ruwan da ke kwance a bututu ya tsiyaye. Da safe a sa wani ya ja ruwan masai a sama, a kasa kunne a kicin. Shiru. Wannan ya rage zargin iska. Sai a ɗauko gorar lita ɗaya a riƙa zuba ruwa a jere ba tsayawa, ana ƙirgawa, har a ga ya taso ya tsaya a idon sinki. Bututun milimita 40 yana ɗaukar lita ɗaya da ɗan ɗori a kowace mita. Idan tun gorar farko ruwa ya taso, toshewar tana gwiwa ko dab da ita. Idan sai da aka zuba uku, tana can wajen mita 2 zuwa 3 a cikin bango ko ƙarƙashin daɓe. Lissafin kintace ne, tunda wani ruwan na sulalewa ta ɗan ramin da ya rage, amma ya isa ya nuna inda za a nufa.

A misalinmu gora uku ta ci. A ajiye bokiti a ƙasa, a kwance gwiwar da hannu, a wanke ta. Za a tarar da ɗan datti, amma ba shi ne mai laifin ba. A haska tocila cikin bututun da ya shiga bango. Idan an ga wani abu fari-fari ko ruwan toka ya yi wa cikinsa zobe, mai laushi kamar sabulun da ya jiƙa, to an gano bakin zaren. Sai a tura wayar nan mai murɗi ta masu gyaran famfo ana juyawa, a zaro a goge, a sake, har ta leƙo a camba. Waya huda hanya kawai take yi a tsakiyar maiƙo, don haka bayan an mayar da gwiwa a cika sinki da ruwan zafi da sabulun wanke-wanke a sake shi gaba ɗaya, sau biyu ko uku, wani na tsaye a camba yana ganin abin da ke fitowa. Ruwan ya zama mai zafi amma ba tafasasshe ba, domin bututun roba na fara laushi idan zafi ya wuce digiri 60, mahaɗarsa ta saki.

Soda kuwa ina roƙon a yi hattara da ita. Tana cin maiƙo idan ɗan kaɗan ne, amma idan ya yi kauri takan mayar da shi wani sabulu mai tauri da ya fi na da wuyar fita. Tana zafi a cikin bututu, tana ƙona fata da ido, kuma idan ba ta wuce ba, tana nan kwance a gwiwa tana jiran hannun wanda zai kwance. Duk wanda ya zuba ta ya faɗa wa mai gyara tun kafin ya taɓa. Kada kuma a bi ta da asid ko wani maganin daban.

Yanzu a ce an yi duk wannan, ruwa na tafiya da gudu, amma zuƙar ƙarshe da warin suna nan. Sai a koma kan iska. A haska idon sinki bayan zuƙar: idan ba a ga ƙyallin ruwa a gwiwa ba, an janye shi ke nan. A duba yadda aka haɗa bututun. Idan daga gwiwa ya lanƙwasa ya nufi ƙasa kai tsaye ta cikin daɓe, kamar harafin S, to shi ke zuƙe kansa, kuma ba wankin da zai gyara shi. Maganinsa a sake haɗin, ko a ɗora masa ɗan bawul na iska a ƙarƙashin sinki, wanda ke buɗewa iska ta shiga ya kuma rufe kada wari ya fito. Inda akwai irin wannan bawul tun asali, a kwance shi a saki ruwa. In ƙugin ya ɗauke, bawul ɗin ne ya maƙale, a sayi sabo. Inda kuma bututun iska ya hau rufi, wanda ya saba hawa ya duba bakinsa, ya zura tiyo ya saki ruwa. Idan ruwan ya taso ya dawo, a toshe yake.

Wani lokaci abin biyu ne a haɗe. Ruwan da ya daɗe yana taruwa a bayan toshewa yakan ɗaga maiƙo har mahaɗar bututun iska ya liƙe ta, don haka a tura waya ta nan ma. Idan kuma bayan wata biyu ko uku maiƙon ya dawo wuri ɗaya, a duba gangaren bututun. Wanda ya kwanta ba gangare, ko ya yi ciki a tsakiya, ko tiyon nan mai ƙunduƙunduƙu da ake saurin haɗawa da shi, duk suna riƙe ruwa har mai ya huce ya zauna. Irin wannan sai an ɗaga shi an ɗaure, ko an musanya shi da miƙaƙƙe. Ragowar man suya kuma a juye shi a gwangwani, a share tukunya da takarda kafin ta shiga sinki.