Wa Inna Ke Yi wa Nasabi? Gardamar Wasali Ɗaya a Kiran Salla

Gardamar nan ba ta tsufa. A unguwanni da dama ana samun ladan mai zaƙin murya wanda idan ya zo shahada ta biyu sai ya ce "ashhadu anna Muhammadan rasulallah", da fataha a kan lamin "rasul". Sai wani ɗalibi ya naɗi muryar a waya ya watsa, cacar baki ta kaure. Wasu su ce kiran salla ya ɓaci, wasu su ce tsanani ne kawai, ai Allah ya san abin da bawansa yake nufi. Abin da ke damuna shi ne, da yawa daga masu gyaran sun san "rasulullah" ne daidai, amma in ka tambaye su dalili sai su yi shiru. Wanda kuwa bai san dalilin ba, gobe zai tafka irin wannan lahanin a jimlar da bai haddace ba.

Dalilin yana cikin babin Inna da 'yan'uwanta, babin da duk wanda ya zauna gaban malami da Ajurumiya ya wuce ta kansa. Ibn Ajurrum, mai littafin, wanda ya rasu a Fas a 1323, ya lissafa su shida: inna, anna, lakinna, ka'anna, laita da la'alla. Sibawaihi tun da farko biyar ya ƙirga, domin a wurinsa inna da anna abu ɗaya ne. Aikinsu guda ne: suna shiga kan mubtada da habari, su yi wa mubtada nasabi ya zama isiminsu, habari kuma ya zauna da rafa'i. Ka ce "al-mu'allimu jalisun", malam yana zaune. In ka shigo da inna sai ka ce "innal mu'allima jalisun". Rufu'ar malam ta koma fataha, "jalisun" kuwa tana nan yadda take. "Kana" da 'yan'uwanta kuwa akasin haka suke yi: "kanal mu'allimu jalisan". Rikita babin nan biyu shi ne tuntuɓen farko na mai koyo.

Bahaushe yana da uzuri a nan. Mu ma muna da lalle, cewa, amma, kamar, ina ma da wataƙila, kuma kusan aikin ma'ana ɗaya suke yi da waɗancan haruffa shida. Sai dai ko ɗaya daga cikinsu ba ya taɓa ƙarshen suna. "Malam yana zaune" da "lalle malam yana zaune", malam ɗin bai sauya ba. Don haka kunnenmu bai saba jiran canji a ƙarshen kalma ba, sai an horar da shi.

To, mu duba jimlar ladan. "Muhammadan" shi ne isimin anna, ya karɓi nasabinsa. "Rasulu" shi ne habari, wato shi ne abin da ake shaidawa game da shi, don haka dole ya zo da rufu'a. Idan aka ce "rasula" da fataha, kalmar ta bar matsayin habari ta bi sunan da ke gabanta a li'irabi, ta zama ƙarin bayani a kansa. Ma'anar ta koma: na shaida cewa Muhammadu, Manzon Allah... sai mai sauraro ya tsaya yana jiran a faɗi abin da aka shaida, ba a kuwa faɗa ba. Ibn Ƙudama, wanda ya rasu a 1223, ya kawo wannan misalin a Al-Mugni inda yake bayanin karhancin lahani a kiran salla. A ɗaya gefen kuma, malaman nahawu sun ruwaito cewa wasu Larabawa sukan yi wa isimi da habari duka nasabi, kuma da wannan ne wasu malamai suka ce kiran sallar ya inganta. Saboda haka gyara ya wajaba, amma gaggawar yanke hukunci ba ta ɗan koyo ba ce.

Kuskuren ladan mai sauƙin gani ne. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne wanda ake ji a bakin waɗanda suka yi nisa, a huɗuba, a jawabin walimar sauka, har a takardun jarrabawa. Tushensa wata fahimta ce da ɗalibai suke ɗauka tun daga aji: wai inna tana yi wa kalmar farko nasabi, ta yi wa ta ƙarshe rafa'i. Wannan fahimtar tana tafiya lafiya a misalan allo, inda kullum isimi ke gaba habari na biye. Da zarar jimla ta juya sai ta watse.

Larabci bai yarda habarin inna ya riga isiminta ba, sai a hali ɗaya: idan habarin jarri da majruri ne, kamar "fil masjidi", ko zarafi, kamar "indaka" da "hunaka". Wannan halin kuwa ba baƙo ba ne, cike yake da maganar yau da kullum. Ana cewa "fil masjidi rajulun", akwai wani mutum a masallaci. Ɗalibi ya sa inna, ya ga "fil masjidi" ta tsaya a gaba, ya ɗauka ita ta shanye aikin, sai ya ce "inna fil masjidi rajulun". Daidai shi ne "inna fil masjidi rajulan". Haka "inna hunaka mushkilatan", ba "mushkilatun" ba, kuma "la'alla indaka ƙalaman", ba "ƙalamun" ba.

Inna kamar ɗan aike ne da aka ba goron gayyata ya kai wa maigida. Ya shiga zaure ya tarar da baƙi zaune a bakin ƙofa, maigidan yana can ƙurya. Ba ya miƙa wa wanda ya fara cin karo da shi. Zai gaishe su ya wuce, sai ya kai ga mai saƙon. Nasabi na mubtada ne, ko a gaba yake ko a baya.

Bari mu bi jimla ɗaya daki-daki. Muna son mu ce: lalle a kasuwar garin akwai 'yan kasuwa biyu masu gaskiya. Da farko ajiye inna a gefe, ka gina jimlar ba tare da ita ba: "fi suƙil madinati tajirani sadiƙani". Sai ka yi tambaya biyu. Wa ake ba da labarinsa? 'Yan kasuwa biyu, "tajirani". Me aka ce game da su? Suna cikin kasuwar garin. Ke nan "tajirani" ne mubtada ko da yake ya zo a baya, "fi suƙil madinati" kuwa habari ne da ya gabata. Yanzu dawo da inna. Ba za ta taɓa "fi suƙi" ba, domin kisirar da ke nan aikin "fi" ce. Za ta wuce zuwa "tajirani". Kalmar musanna ce, alamar nasabinta kuwa ya ce, don haka ta koma "tajiraini". "Sadiƙani" sifa ce, tana bin abin da take siffantawa, ita ma ta koma "sadiƙaini". Jimlar ta fito: "inna fi suƙil madinati tajiraini sadiƙaini". Mai bin wuri zai bar su da alif. Mai tambayar wa da me ba zai ɓace ba.

Wannan misalin ya tono wani ramin kuma. Ɗalibai da yawa sun haɗa nasabi da fataha a kansu har suna ganin abu ɗaya ne. Nasabi hukunci ne, fataha kuwa ɗaya ce daga cikin alamominsa. A musanna da jam'in maza lafiyayye alamar ya ce: "innal mu'allimina jalisuna". Ka lura, isimi ya ɗauki ya, habari ya riƙe wawunsa. A sunayen nan biyar alamar alif ce: "inna abaka karimun", ba "inna abuka" ba. A jam'in mata lafiyayye kuwa kisira ce ke tsayawa a madadin fataha: "innaɗ ɗalibati mujtahidatun". A nan ne ɗalibi mai himma yakan faɗi, domin ya tuna inna tana nasabi sai ya ce "ɗalibata" da fataha, yana ganin ya kyauta.

Akwai kuma inda ɗan aiken yake ajiye aiki gaba ɗaya. Idan "ma" ta ƙari ta manne da waɗannan haruffa takan hana su aiki: "innama Zaidun tajirun", Zaidu ɗan kasuwa ne kawai, da rufu'a a kan Zaidu. Laita ce kaɗai aka yarda ta ci gaba da aiki ko ta bari: "laitama Zaidan" da "laitama Zaidun" duka sun halatta, kamar yadda aka yi bayani a Alfiyyar Ibn Malik da sharhohinta. Haka "lakin" mai ɗauri ba ta yin aikin "lakinna" mai shadda. Wanda ya ji "inna" a cikin "innama" ya yi sauri ya sa fataha, ya yi lahani ne daga wajen ƙoƙarin guje masa.

Laifin wa? Ina ganin mafi yawansa na yadda muke koyarwa ne. A Islamiyyu da dama yaro yakan rera haruffan shida ba gargada, a ba shi maki, a wuce babi na gaba, alhali bai taɓa juya jimla ɗaya da hannunsa ba. Kwamitocin masallatai kuma sukan zaɓi ladan saboda murya da riƙon lokaci, abin da yake da kyau, amma ba wanda ke zama da shi na rabin awa ya saurari lafazinsa. Bawan Allah ya shekara da shekaru yana hidima, yawanci ba ko sisi, sai ranar da aka ji kuskurensa a mai da shi abin dariya a waya. Liman da ya kira shi gefe bayan sallar asuba ya maimaita masa kalmar har ta zauna a harshensa, ya fi masu watsawa amfani ga jama'a.

Ga malaman aji kuwa, shawarata ƙarama ce. Kada a bar babin nan sai kowane ɗalibi ya karɓi jimloli tsirara ya shigar musu da inna da kansa, kuma a tabbata a cikinsu akwai wadda habarinta ya gabata, da mai musanna, da mai jam'in mata, da mai "innama". A hana shi sa wasali sai ya fara nuna wa ake ba da labarinsa da abin da aka ce game da shi. Yaron da ya saba da tambayoyin nan biyu zai iya gyara jimlar da bai taɓa ji ba, kuma in ya yi gyara zai iya faɗin dalili.