Zafin da ke taso wa mace bayan al'ada ta fara ɗaukewa

Yawanci daga ƙirji yake tasowa. Zafi ya hau wuya ya mamaye fuska, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, zufa ta karyo. Bayan minti 1 zuwa 5 sai ya lafa, sanyi ya biyo baya. Idan cikin dare ne, mace kan farka ta tarar rigar barcinta ta jiƙe sharkaf. Kusan mata 3 cikin 4 kan gamu da wannan lokacin ɗaukewar al'ada, galibi tsakanin shekara 45 da 55, kuma yakan yi shekaru yana zuwa yana tafiya.

Mata da yawa kan ɗauka zazzaɓi ne, su yi ta shan maganin maleriya a banza. Alhali da za a sa ma'aunin zafi, ba za a ga zazzaɓi ba. Abin daga ƙwaƙwalwa yake.

Can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe, haifotalamas, da ke riƙe zafin jiki kusa da digiri 37. Yana da 'yar tazarar da yake yin haƙuri a cikinta: in zafi ya ɗan ɗaga ko ya ɗan sauka, ba ya cewa komai. Sai an wuce iyakar sama yake sakin zufa, sai an faɗa ƙasa yake kawo makyarkyata. Sinadarin estirojin, wanda ma'ajiyar ƙwan mace ke samarwa, shi ke danne wasu ƙwayoyin jijiya a wannan sashe. Da ya ragu sai ƙwayoyin su ƙara girma, su yawaita sakin wani sinadari mai suna niyurokinin B, tazarar nan kuma ta tsuke har ta kusa ɓacewa.

A ce mace mai shekara 49 ta kurɓi shayi mai zafi, ko ta ja bargo lokacin hunturu. Zafin cikin jikinta ya ɗaga kaɗan, abin da a da ko ji ba za ta yi ba. Yanzu ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka jiki ya yi zafi fiye da kima, ta buɗe hanyoyin jinin fata, ta saki zufa. Jikin da dama bai yi zafi ba sai ya zubar da ɗuminsa, shi ya sa sanyi ke kama ta daga baya.

Maganin da ya fi aiki shi ne mayar wa jiki estirojin, amma sai da likita, domin bai dace da wadda ta taɓa ciwon dajin nono ko daskarewar jini ba. A 2023 Amurka ta amince da fezolinetan, wanda ke toshe aikin niyurokinin B kai tsaye.

Abin da na fi so a kiyaye shi ne, ba kowace zufar dare ce ta al'ada ba. In ta zo da tari na sama da mako 2, ko rama, ko zazzaɓin da ma'auni ya nuna, a je a yi gwajin tibi da maleriya, a kuma duba maƙoƙo.