Ko Kun Sani? Sunan Guntun Zane Ba Shi Ne Ƙarfinsa Ba

Kwamfutar tafi-da-gidanka mai guntun sarrafa zane na musamman, wato wanda aka ware shi daban da babban firosesa, tana iya kasa yi wa wadda zanenta ke haɗe cikin firosesa nisa, idan masana'anta ta ƙayyade masa wutar da zai sha. Dalili kuwa shi ne saurin bugun guntu ya dogara da ƙarfin lantarkin da ake ba shi, kuma da zarar ya kai iyakar wat ɗin da aka yanke masa, sai ya rage gudu da kansa.

GeForce MX150 na kamfanin Nvidia, wanda ya fito a 2017, ya zo iri biyu da suna ɗaya: mai wat 25 da ke farawa daga kusan megahaz 1,469, da mai wat 10 da ke farawa daga kusan 937, alhali kowanne yana da ƙwayoyin lissafi 384. Abin takaici, kwalin sayarwa bai cika bambanta su ba, sai manhajar GPU-Z ta nuna lambar na'ura, 1D10 ga na farko, 1D12 ga na biyu.

Ban da wannan, siraran kwamfutoci sukan haɗa guntun da firosesa a kan bututun sanyaya ɗaya, ta yadda zafin ɗaya ke tauye ɗayan, sannan ma'adanar MX150 mai gigabait 2 takan cika da wuri a manyan wasanni, yayin da haɗaɗɗen zane irin Iris Xe na Intel ke aro daga babbar ma'adanar kwamfutar.