Shiru ko Ƙin Karɓa: Yadda Saƙon Kuskure Ke Nuna Inda Matsalar Netwok Take

Duk wanda ya taɓa aiki da kwamfutar da ke neman bayani daga wata kwamfutar ya san saƙonnin nan biyu. Wani lokaci allo ya nuna `Connection refused`, wani lokaci kuma `Connection timed out`. A burauzar Chrome suna fitowa da `ERR_CONNECTION_REFUSED` da `ERR_CONNECTION_TIMED_OUT`. Yawancin mutane kuɗin goro suke yi musu, su ce netwok ne babu kyau, su kashe rauta su kunna. Alhali kuwa labari biyu ne daban, kuma wanda ya iya bambance su ya rage wa kansa rabin wahalar bincike.

Kafin kwamfutoci biyu su fara musayar bayani ta ƙa'idar TCP, wadda aka rubuta tsarinta a takardar RFC 793 tun shekarar 1981, sai sun gaisa a matakai uku. Mai nema ya aika ɗan ƙaramin saƙo mai suna SYN zuwa adireshin saba da lambar ƙofar da yake so. Kowace manhaja da ƙofarta: SSH na zama a 22, shafukan intanet masu tsaro a 443, rumbun bayanai na PostgreSQL a 5432. Idan akwai manhajar da ke sauraro a ƙofar, saba ta mayar da SYN-ACK, mai nema ya rufe da ACK, hira ta buɗe. Duka saƙonnin kuskuren nan biyu a matakin farko ake samunsu, bayan SYN ya fita.

Abin ya yi kama da sallama a ƙofar gida. Idan ka yi sallama yaro ya leƙo ya ce maigidan ba ya nan, ba ka ga wanda ka zo nema ba, amma ka tabbatar ba ka ɓata hanya ba, kuma da mutane a gidan. Idan kuwa ka yi ta sallama shiru, ba ka san ko gidan ba kowa, ko muryarka ce ba ta kai ciki ba, ko an ji an yi banza da kai.

`Connection refused` shi ne amsar yaron. SYN ya isa sabar, amma babu manhajar da ke sauraro a wannan ƙofar, sai tsarin kwamfutar da kansa ya mayar da saƙon RST, wato a yanke maganar. Shi ya sa wannan kuskuren ke fitowa nan take, kafin ka ɗauke yatsa daga maɓalli. Ya kuma tabbatar maka da abubuwa masu amfani: akwai na'ura a wannan adireshin, tana kunne, hanyar zuwa da ta dawowa duk a buɗe suke. Zargi ya koma kan manhajar: ko ta mutu, ko ba a tashe ta ba, ko tana sauraro a wata ƙofar daban.

`Connection timed out` kuwa shiru ne. Kwamfutarka ta aika SYN, ba ta ji komai ba, ta jira daƙiƙa ɗaya ta sake aikawa, ta ci gaba tana ƙara tsawon jiran har ta gaji. A Linux wannan jiran kan kai kimanin minti biyu, a Windows kuma kimanin daƙiƙa 21, sai fa idan manhajar ta sa nata wa'adin. Katangar tsaro, wadda masu sana'ar ke kira fayawol, ita ce aka fi zargi a nan, domin yawancinsu an saita su ne su watsar da saƙon da ba a yarda da shi ba, ba tare da sun ce uffan ba. Haka `ufw` na Ubuntu ke yi idan an kunna shi, haka kuma katangar da Amazon ke sa wa sabobin da ake haya a wajensa.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wani kantin magani ya ajiye lissafin kayansa a PostgreSQL, a kan sabar Ubuntu mai adireshi 192.168.10.5. An kawo sabuwar kwamfuta teburin mai karɓar kuɗi, manhajar ciniki ta ƙi buɗewa. Mai gyara ba zai fara da manhajar ba, sai ya gwada ƙofar kanta daga sabuwar kwamfutar:

```
nc -vz 192.168.10.5 5432
```

Allo ya tsaya cak na tsawon lokaci, daga ƙarshe ya ce `Connection timed out`. Ya gwada `ping`, sabar ta amsa, ya gwada ƙofa ta 22, ita ma ta buɗe. Wannan ya kawar da zargin cewa sabar a kashe take ko waya ta tsinke. Na'ura ɗaya, hanya ɗaya, wata ƙofa tana amsawa wata ta yi gum: akwai abin da ke zaɓen saƙonni bisa lambar ƙofa, kuma wannan aikin katangar tsaro ne.

Saura a gano wace katangar, ta kan sabar ko wata a tsakiyar hanya. Sai ya shiga sabar ya saurari abin da ke shigowa, sannan ya maimaita gwajin:

```
sudo tcpdump -ni any tcp port 5432
```

Amfanin `tcpdump` shi ne yana ganin saƙo tun kafin katangar sabar ta yanke masa hukunci. Idan layuka masu alamar `[S]` suna ta shigowa ba tare da amsa ta fita ba, SYN ya iso, a cikin gida aka haɗiye shi. Idan babu abin da ya bayyana ko kaɗan, an tare shi tun a hanya, a rauta ko a katangar kamfanin da ke ba da hayar sabar. A misalinmu layukan sun bayyana, `sudo ufw status` kuma ya nuna ƙofa ta 22 kaɗai aka yarda da ita. Sai ya buɗe 5432 ga kwamfutocin kantin kawai, ba ga duniya ba:

```
sudo ufw allow from 192.168.10.0/24 to any port 5432 proto tcp
```

Ya sake gwadawa, yanzu amsa ta zo nan take: `Connection refused`. Mai kanti zai ce ai ba a yi komai ba, har yanzu abin bai yi aiki ba. Mai gyara kuwa ya san an ci gaba, domin canjin saƙon shaida ce cewa an wuce katangar. A `tcpdump` ma yanzu kowane `[S]` yana samun `[R.]` a bayansa. Sai ya duba su wa ke sauraro a sabar:

```
sudo ss -tlnp
```

PostgreSQL na nan da ransa, amma layinsa ya nuna `127.0.0.1:5432`. Wannan adireshin na cikin gida ne, na'ura ke amfani da shi ta yi magana da kanta. Manhajar da ta zauna a kansa ba ta jin kiran da ya zo daga waje, don haka a wajen saƙon da ya nufi 192.168.10.5 ƙofar ba kowa. Wannan ba lalacewa ba ce, haka PostgreSQL ke zuwa: saitin `listen_addresses` yana kan `localhost` tun daga farko, saboda tsaro. Ya gyara shi a fayil ɗin `postgresql.conf`, ya sa adireshin sabar, ya sake tayar da manhajar, domin wannan saitin ba ya kamawa sai an kashe ta an kunna.

Mai yiwuwa kuskure na uku ya biyo baya, wanda ke cewa `no pg_hba.conf entry for host`. Wannan kuma ba maganar netwok ba ce. Gaisuwar ta kammala, PostgreSQL ne da bakinsa ke cewa bai san wannan kwamfutar ba, sai a ƙara ta a jerin waɗanda ya yarda da su.

Sai dai a yi hattara, ƙa'idar nan ta nuna inda za a fara dubawa ne, ba ta yanke hukunci ba. Katanga ma tana iya ƙin karɓa da baki. A `iptables` akwai `DROP`, mai watsarwa shiru, akwai kuma `REJECT`, mai mayar da amsa. Idan ba a canja masa komai ba, `REJECT` yana aika saƙon ICMP cewa ba a iya kaiwa ga ƙofar, kuma kwamfutar Linux takan nuna wannan a matsayin `Connection refused`. Ana ma iya saita shi da `--reject-with tcp-reset` ya aika RST sak irin na rufaffiyar ƙofa. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce: idan `ss` ya nuna manhajar tana sauraro a adireshin da ya dace amma ana ƙin na waje, katangar ce ke magana da yawunta.

Haka kuma ba kowane shiru ne laifin katanga ba. Sabar da ke nesa idan aka kashe ta, ko aka yi kuskuren lamba ɗaya a adireshinta, shiru za a ji. Idan SYN ya isa amma amsar ta ɓata a hanyar dawowa saboda kuskuren saitin rauta, nan ma shiru ne, kuma `tcpdump` zai nuna `[S.]` yana fita amma ba ya isa. Manhajar kanta ma tana iya jawo shi: idan aiki ya yi mata yawa har layin masu jira ya cika, Linux kan fara watsar da sababbin SYN. Alamar wannan ita ce matsalar tana zuwa tana tafiya, ta fi tsanani lokacin cunkoso, alhali dokar katanga ba ta san safe ko yamma ba, kullum hukuncinta ɗaya.

Akwai saƙo na uku da ya kamata a sani, `No route to host`. Yakan fito idan na'urar da ake nema tana netwok ɗaya da kai amma a kashe take, domin kwamfutarka ta yi cigiyarta ba ta samu ba. Yakan kuma fito daga sabobin dangin Red Hat masu amfani da `firewalld`, wanda ke mayar da saƙon ICMP na haramci. `ping` shi ma ba shaida ce cikakkiya ba, domin wurare da yawa suna toshe shi alhali sauran ƙofofi na aiki.

Ga wanda ba mai gyara ba, abin da zai kai wa mai gyara abu uku ne: ainihin kalmomin da allo ya nuna, ko sun fito nan take ko bayan dogon jira, da kuma ko wata kwamfutar a wani netwok, misali waya mai amfani da data, ta iya shiga. Idan kowa daga ko'ina ana ƙin sa nan take, a fara da manhajar. Idan wasu na shiga wasu kuma na jira har su gaji, a fara da katanga da hanyar da ke tsakani.