Hayar Injin da Haraji: Me Ake Cirewa Daga Riba, Kuma Yaushe?

Mai son kafa injin casar shinkafa a Yalwawa ko wata unguwa ta Dutse ba kasafai yake da kuɗin sayensa lakadan ba. Shinkafa kam akwai ta, daga fadamun Haɗeja har kasuwar Shuwarin, amma injin na cin miliyoyi. Shi ya sa wasu ke komawa ga kamfanonin ba da hayar kayan aiki, su karɓi injin, su riƙa biya kashi-kashi. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne ranar lissafin haraji, domin da yawa sun ɗauka duk abin da suka biya da sunan haya za a cire shi daga ribar shekara. Ba kullum haka abin yake ba.

Haya iri biyu ce. Akwai haya zalla, inda mutum zai yi aiki da injin na wani lokaci ya mayar, asarar lalacewarsa da tsufansa kuma tana wuyan mai shi. Akwai kuma hayar mallaka, inda kamfanin haya zai sayo injin da kai ka zaɓa, kai kuma ka biya shi dukan kuɗinsa da ribarsa cikin wa'adin da ba ka da ikon sokewa, galibi injin ya zama naka a ƙarshe. Dokar Hayar Kayan Aiki ta 2015 ta bar mallakar injin a hannun mai ba da haya har wa'adi ya cika. Amma a wajen haraji, hayar mallaka kamar sayen kaya da bashi ake ɗaukarta.

Daga nan hukuncin ya rabu. A haya zalla, kuɗin haya gaba ɗaya ake cirewa daga riba, kamar kuɗin hayar shago. A hayar mallaka kuwa, ana raba kowane biya gida biyu, uwar kuɗi da kuɗin ruwa. Kuɗin ruwan ana cire shi, uwar kuɗin ba a cire ta. A madadinta doka ta ba mai aiki da injin rangwamen jari, wato wani kaso na farashin injin da zai riƙa cirewa kowace shekara saboda tsufansa. A lura, faɗuwar darajar da akanta ke rubutawa a littafin kamfani ba ita hukuma ke karɓa ba. Kason da doka ta yanka kaɗai ake bi.

Mu ɗauki misali. A ce wani kamfani a Yalwawa ya karɓi injin na naira miliyan 60, zai riƙa biyan miliyan 30 duk shekara har shekara uku. Jimilla miliyan 90 ke nan, 60 uwar kuɗi, 30 kuɗin ruwa. Da yake bashin raguwa yake yi, ruwan ya fi nauyi a farko: kimanin miliyan 14 a shekarar farko, 10 a ta biyu, 6 a ta uku.

In haya zalla ce, kamfanin zai cire miliyan 30 kowace shekara. A kan harajin kamfanoni na kashi 30 cikin 100, ya rage wa kansa harajin miliyan 9 duk shekara, miliyan 27 cikin shekara uku.

In hayar mallaka ce, sai a koma ga Dokar Haraji ta Najeriya ta 2025, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026. Ta ba injuna rangwamen kashi 20 cikin 100 a shekara, wato miliyan 12 a kan injin namu, har shekara biyar. Idan aka haɗa da kuɗin ruwa, shekarar farko za a cire miliyan 26, ta biyu 22, ta uku 18, sannan 12 a ta huɗu, 12 a ta biyar. Tara su, za ka sake samun miliyan 90, in ban da ɗan abin da doka ke sa a bari a littafi har ranar da aka rabu da injin.

Ashe jimillar ɗaya ce, bambancin na lokaci ne. A shekara ukun farko, mai haya zalla ya cire miliyan 90, mai hayar mallaka ya cire 66. Ragowar miliyan 24, wadda harajinta ya kai miliyan 7.2, sai ya jira shekara ta huɗu da ta biyar. Jiran nan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke neman kuɗin sayen shanshera da kaka, kuma naira ta yau ta fi ta shekara biyar masu zuwa daraja. Sai dai kada a manta, mai hayar mallaka shi ke tashi da injin, mai haya zalla kuwa mayar da shi zai yi.

Wannan lissafi ya juya ne kwanan nan. A tsohuwar dokar harajin kamfanoni, injin yana samun rangwamen farko na kashi 50 cikin 100, da kashi 25 na abin da ya rage. A injin namu, miliyan 30 ke nan da 7.5, in aka ƙara ruwan miliyan 14 ya zama 51.5 a shekarar farko kaɗai, ya zarce miliyan 30 na haya zalla nesa ba kusa ba. Sabuwar doka ta soke rangwamen farkon. Saboda haka duk wanda ya ce maka hayar mallaka ta fi saurin rage haraji, tambaye shi da wace doka ya yi lissafi. Yanzu tsawon wa'adi ne ke yanke hukunci: in wa'adin biya gajere ne kamar na misalinmu, cire kuɗin haya ya fi sauri, in ya kai shekara biyar ko ya zarce, rangwamen jari da ruwa ne ke gaba.

Babban kuskure shi ne mutum ya zaci zaɓi ne a hannunsa. Jami'in Hukumar Haraji ta Najeriya, wato NRS da ta gaji FIRS, ba sunan da aka rubuta a saman yarjejeniya zai tsaya dubawa ba. Zai duba ko biyan ya rufe farashin injin gaba ɗaya, ko akwai damar sokewa, ko an ce a ƙarshe za ka saye shi da kuɗi kaɗan, da kuma wa ke ɗaukar asara in ya ƙone. Idan hayar mallaka ce amma kamfanin ya riƙa cire miliyan 30, ya yi ƙarin miliyan 4 a shekarar farko, 8 a ta biyu, 12 a ta uku. Ranar bincike za a mayar da su cikin riba, a biya harajinsu, ga tara da ruwa a kai. Wanda ya cire kuɗin haya kuma ya nemi rangwamen jari, shi ya fi shiga uku, domin ya ci sau biyu.

Akwai iyakoki biyu. Ƙaramin kamfanin da doka ta yafe wa harajin riba, ko wanda ke cikin asara, cirewar ba ta rage masa ko sisi a shekarar, don haka farashin hayar ya kamata ya duba. Sannan sabuwar doka ba ta ba da rangwamen jari a kan injin da ba a biya masa harajin VAT ko kuɗin fito da ya hau kansa ba.

Masu guje wa kuɗin ruwa da ke bin hanyar ijara a bankuna irin su Jaiz su ma tambayar tana kansu: wa zai nemi rangwamen jari, banki ko mai injin? Kafin ka sa hannu, nemi jadawalin da ya raba uwar kuɗi da ribar mai haya shekara-shekara, ka karɓi rasitin sayen injin da takardun kwastan, ka kai wa akantanka tare da yarjejeniyar. In kamfanin haya ya ƙi ba ka jadawalin, kada ka sa hannu.