Abin da gilashin gwajin maleriya ke gani, da abin da ke ɓuya masa

Sau da yawa za ka ji uwa na cewa yaronta jikinsa zafi zau, an kai shi asibiti an ɗebi jini, amma takarda ta dawo an ce ba a ga komai ba. Bayan kwana ɗaya aka sake gwaji, sai ga maleriya. Nan take a ce mai gwajin farko bai iya aikinsa ba. Wani lokaci haka ne, amma sau da yawa dalilin yana cikin yadda ƙwayar cutar ke rayuwa, domin ba a kowane mataki na rayuwarta take bayyana a ɗigon jinin da aka tsaga daga yatsa ba.

Nau'in da ya fi addabar Najeriya da Nijar shi ne falsifarom, kuma shi ne mai kisa. Macen sauro ta jinsin anofilis ce ke kawo shi, namiji ba ya shan jini. Idan ta ciji mutum, takan zuba masa yawunta, a cikinsa akwai 'yan ƙwayoyi sirara. Cikin ɗan lokaci sun bi jini sun shige hanta. A can kowace ɗaya za ta zauna kusan mako guda tana rarrabuwa, har ta zama dubbai. Duk tsawon wannan mako mutum lafiyarsa ƙalau, kuma ko gwanin da ya fi kowa aka ba jininsa ba zai ga komai ba, saboda cutar ba ta cikin jini tukuna.

Daga hanta sai su fashe su kwararo, kowace ta faɗa cikin jar ƙwayar jini guda. Nan ne aikin madubin ƙara girma yake farawa. Mai gwaji yakan shirya ɗigo iri biyu a kan gilashi. Ɗaya mai kauri ne, wanda idan aka zuba masa rini jajayen ƙwayoyin jinin suke narkewa, ƙwayoyin cutar su rage a fili, don haka shi ne na neman ko akwai cutar da kuma ƙirga ta. Ɗayan ana shafe shi siriri a kafe shi da sinadarin metanol, ƙwayoyin jinin su tsaya da siffarsu, shi ne na tantance nau'i. Rinin da ake amfani da shi, Gimsa, yakan mai da jikin ƙwayar cutar shuɗi, ƙwayar tsakiyarta kuma ja.

Abin da ake fara gani shi ne zobe: ɗan da'irar shuɗi siriri da ɗigon ja a gefe guda. A falsifarom zoben ƙarami ne, wani lokaci da ɗigo biyu, wani lokaci biyu ko uku a cikin ƙwayar jini ɗaya, wani kuma ya lafe a bakin ƙwayar. Zoben yana cin jan sinadarin da ke cikin ƙwayar jinin, yana ƙiba, yana barin wani baƙi-baƙin saura a jikinsa. Daga nan ya rarrabu gida-gida, yawanci fiye da goma sha biyu, ƙwayar jinin ta fashe, 'ya'yan su fito su nemi sababbi. Wannan zagaye yana ɗaukar kimanin awa 48, kuma fashewar ce ke kawo rawar sanyi da zazzaɓi.

A nan ne falsifarom ya bambanta da 'yan'uwansa. Idan ya kai kusan rabin zagayen, yakan sa ƙwayar jinin da yake ciki ta yi danƙo, ta manne a bangon ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa, da hanji, da mabiyiya idan mace na da ciki. Yana yin haka ne don kada jini ya kai shi saifa, inda ake tace irin waɗannan ƙwayoyi a hallaka su. Sakamakon haka, abin da ke yawo har ya iso yatsa galibi zobba ne kawai, manyan sun maƙale a ciki. Yaro zai iya galabaita alhali gilashi na nuna 'yan ƙwayoyi kaɗan. Mai ciki kuwa, mabiyiyarta na iya cika da cutar jinin yatsanta bai nuna komai ba. Idan kuma aka ga manyan matakan suna yawo da yawa a gilashi, wannan alama ce ta cewa cutar ta yi nauyi a jiki, ya kamata likita ya sani nan take.

Ga yadda ake ƙirgar. Mai gwaji yana bin ɗigon mai kauri fili bayan fili, yana ƙirga ƙwayoyin cuta tare da fararen ƙwayoyin jini, har fararen su kai 200. A ce ya samu ƙwayoyin cuta 400. Ana ɗauka cewa a kowane maikurolita na jini akwai farare 8,000, don haka sai ya ninka 400 sau 8,000 ya raba da 200. Amsa ita ce 16,000 a maikurolita guda. Da wannan lamba likita zai iya sake gwaji gobe ya ga ko magani na ci. Alamar + ko ++ da muka saba gani a gaban MP a takardun ɗakunan gwaji kintace ce kawai. Guda ɗaya na nufin an ga ƙwaya 1 zuwa 10 a fili ɗari, huɗu kuma na nufin fiye da goma a kowane fili. A ganina lamba ta fi ta amfani nesa ba kusa ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ma ƙirgar ta fi so.

Kafin a rubuta cewa babu, ƙa'ida ita ce a duba aƙalla fili 100. Ko da an yi hakan, idan ƙwayoyin ba su kai kamar 50 zuwa 100 a maikurolita ba, matsakaicin mai gwaji na iya wuce su. Akwai kuma kuskuren ɗaya gefen, inda guggubin rini da ba a tace ba, ko 'yan ƙananan ƙwayoyin da ke daskarar da jini, suke yi wa ido kama da zobe. Haka ake ɗora wa mai wata cutar dabam maganin maleriya.

Ba duka ƙwayoyin ne ke ci gaba da rarrabuwa ba. Wasu sukan rikiɗe su zama maza da mata, su ɓuya a ɓargo kamar kwana goma, sannan su fito. A gilashi siffarsu lanƙwasasshiya ce irin ta ayaba, kuma ganinta kaɗai ya isa a ce falsifarom ne. Irinsu ne likitan sojan Faransa Alphonse Laveran ya gani a jinin wani majiyyaci a Aljeriya a 1880, lokacin da aka fara gano ƙwayar. Ba sa kawo zazzaɓi, jiran sauro suke yi. Idan ta sha su, sai su haɗu a cikinta, su hayayyafa a bangon tumbinta, bayan kwana 10 zuwa 14, gwargwadon zafin gari, jikokinsu su isa yawunta. Ronald Ross ne ya gano cutar a cikin sauro a Indiya a 1897. Wannan ɓangaren ba ya fitowa a gilashin jinin kowa.

Idan an ce ba a ga maleriya ba amma zazzaɓi bai sauka ba, kada a wuce kyamis a sayi magani da ka. A koma a sake gwaji bayan awa 12 zuwa 24, kuma a faɗa wa mai gwajin idan an riga an sha wani magani, domin yana rage abin da zai gani. Yaron da ke jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko barci ya yi masa nauyi ba ya farkawa, ba a jiran sakamako na biyu, asibiti za a nufa da shi.