Kafin a Shiga Ɗakin Intabiyu: Abin da Saƙon Gayyata Ya Kamata Ya Ƙunsa

Wani asibiti mai zaman kansa a Kano yana neman akanta ɗaya. Takardun neman aiki sun taru, an tankaɗe an rairaye, an fitar da mutum 12. Abin da ya rage shi ne a aika musu su zo. Yawancin ma'aikatu a nan suke yin sakaci, sai a bar wa wani ƙaramin ma'aikaci ya rattaba layi biyu a waya: an zaɓe ka, ka zo ranar Talata da ƙarfe takwas da takardunka. Mai karantawa kuwa wataƙila yana Maiduguri, tafiyar yini guda ce a gabansa, kuma rance zai ci ya yi kuɗin mota. Bai san wane irin gwaji ke jiransa ba, bai san ko kwana zai kama shi ba, bai ma san waɗanne takardun ake nufi ba.

A ganina ma'aunin saƙon gayyata ɗaya ne: mutumin da ya fi kowa nisa, wanda ba shi da kowa a cikin ma'aikatar, ya iya shiryawa tsaf ba tare da ya buga waya yana tambaya ba. In saƙon ya gaza haka, to wanda ke da ɗan'uwa a ciki ya riga ya sha gaban sauran tun ba a zauna ba.

Mu fara da lokaci, domin nan aka fi cutar mutane. A ce kwamiti zai fara da ƙarfe 9, kowane mutum minti 30. Zuwa ƙarfe 1 an ga mutum takwas, a tashi sallar azahar da cin abinci, a dawo ƙarfe 2 a ga ragowar huɗun. Na ƙarshe sai 3:30 zai shiga. In an ce wa kowa ya zo da ƙarfe 8, wannan bawan Allah ya share awa bakwai da rabi a kan benci, ga yunwa, ga rigar da ya goge ta yamutse, sannan a auna shi da wanda ya shiga da sanyin safiya. Maganin ba shi da wuya. A raba su rukuni uku, huɗu-huɗu, na ƙarfe 9 da na 11 da na 2, kowa a rubuta masa nasa lokacin. A sa sunan rana tare da kwanan wata, a kuma duba kalanda kafin a tura, don an sha ganin saƙon da ya ce Talata alhali kwanan watan Laraba ya nuna. Juma'a da rana a kauce mata. Wanda zai taso daga nesa kuma a ba shi aƙalla mako guda, ba a aiko da dare a ce gobe da safe ba.

In ta intanet za a yi, ta Zoom ko Google Meet, dole a faɗi agogon wace ƙasa ake nufi. Najeriya da Nijar agogonsu ɗaya, amma Gana tana bayansu da awa ɗaya, Nairobi kuma tana gaba da awa biyu. Ƙungiyar agaji mai ofis a Nairobi in ta ce ƙarfe 10, to ƙarfe 8 ke nan a Kano. A kuma ba da lambar da za a kira in sabis ya yanke.

Tsarin ganawar shi ma a faɗe shi ƙarara. Hira ce kawai, ko akwai jarrabawar rubutu, ko gwaji a kan kwamfuta? Akantan da ya san za a zaunar da shi gaban Excel na minti 45 zai kwana yana bita. Ɓoye wannan ba ya bayyana gwani, ruɗa shi kawai yake yi.

Sai takardu. A Najeriya, mai digiri ana neman takardar kammala makaranta, da sakamakon WAEC ko NECO, da takardar kammala hidimar ƙasa ta NYSC ko ta ɗauke masa hidimar, wadda ake bai wa wanda ya kammala karatu bayan ya haura shekara 30. Akwai takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ko takardar rantsuwar shekaru daga kotu, da lambar NIN, da hotunan fasfo. Aikin gwamnati kuma yakan ƙara da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Kowace a ambace ta da sunanta, a faɗi kwafi nawa ake so. Tambayar da ta fi damun sababbin masu digiri ita ce: jami'a ba ta fitar da satifiket na asali ba tukuna, za a karɓi takardar sakamako ta wucin gadi? Layi ɗaya ya isa ya amsa wannan. Takardun asali kuwa dubawa ake yi a mayar wa mai su nan take, kwafi ne ke zama a fayil.

Ga yadda saƙon asibitin zai iya kasancewa, ko da yake a Najeriya da Turanci aka fi rubuta irinsa, a Nijar kuma da Faransanci:

"Assalamu alaikum. Muna gayyatarki intabiyu na aikin akanta da kika nema. Ki iso babban ofishinmu ranar Talata 14 ga wata da ƙarfe 10 na safe. Za a fara da gwajin Excel na minti 45, mu za mu ba da kwamfuta. Daga ƙarfe 11 za ki gana da mutum uku na minti 30: shugaban sashen kuɗi, da jami'ar kula da ma'aikata, da manajan asibiti. Muna sa ran ki gama kafin ƙarfe 1. Ki zo da takardun asali da kwafi ɗaya na kowacce, kamar yadda aka jera a ƙasa. Asibiti ba ya biyan kuɗin mota, kuma ba ya karɓar ko kwabo daga mai neman aiki. Ki tabbatar mana za ki zo kafin ranar Alhamis."

A ƙarƙashinsa sai cikakken adireshi da kwatance, da sunan wanda za a nema a bakin ƙofa, don kada maigadi ya tsare mutum a waje lokacinsa na wucewa.

Wasu manajoji ba sa son faɗin waɗanda za su zauna a kwamiti, suna tsoron kamun ƙafa. Tsoron yana da tushe a ƙasarmu. Amma ambaton muƙami ba tare da suna ba ya raba gardama. Wadda ta san shugaban sashen kuɗi zai zauna ta san za a tambaye ta daidaita lissafin banki da na littafi da yadda ake cire harajin albashi, ba labarin rayuwarta kaɗai ba.

Wajen turawa ma akwai tarko. In aka zuba adireshin mutum 12 a layin To ko Cc na imel, kowa ya ga abokan takararsa, kuma a cikinsu akwai wanda maigidansa na yanzu bai san yana neman wani aikin ba. A yi amfani da Bcc, ko ma a tura wa kowa nasa daban tunda lokutansu sun bambanta. Imel yakan faɗa akwatin Spam, don haka a bi shi da gajeren saƙon tes.

Mai neman aiki shi ma wannan tsari zai taimake shi gane 'yan damfara. Saƙonsu yakan zo ba sunan aikin da ka nema, wani lokaci ma daga kamfanin da ba ka taɓa rubuta wa ba. Ba ya faɗin wanda za ka gani, yana matsa maka ka zo gobe-gobe, daga ƙarshe a ce ka tura kuɗin fom ko na gwajin lafiya zuwa asusun wani mutum. In ka yi shakka, kada ka kira lambar da ke cikin saƙon. Nemo lambar ma'aikatar daga shafinta ko daga tallar aikin ta farko, ka tambaya ko da gaske suna intabiyu a ranar.